Hanjin da aka yi wata biyar ana kira basir: nazarin lamarin wani ɗalibi a Katsina

Asalin lamarin

Yaron da zan yi magana a kansa ɗan yayata ne, haifaffen Daura, yana aji biyu a wata jami'a a nan Katsina lokacin da ciwon kumburin babban hanji mai suna alsaretib kolaitis ya soma masa. Shekararsa 20, nauyinsa kilo 61, ba ya shan taba, kuma ban da zazzaɓin cizon sauro bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ni ma'aikacin jinya ne, saboda haka duk abin da ya shafi magani a danginmu wurina ake kawowa. Da izninsa nake wannan rubutu, sai dai ya ce kada in kama suna. Alƙaluman da za a gani daga katinsa na asibiti na kwaso su, da kuma wani ƙaramin littafi da ya riƙa rubutu a ciki daga baya.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: basir, atini, taifod

Farkon abin ɗan jini ne yake gani a bayan gida, haɗe da wani abu mai yauƙi kamar majina. Yana zagayawa sau 3 ko 4 a rana, yawanci da safe. Bai faɗa wa kowa ba har mako uku. Da ya faɗa wa abokin ɗakinsa, nan take aka yanke hukunci: basir ne. Aka sayo masa jiƙo a jarka daga wurin masu tallar magani da lasifika. Ya sha mako biyu, gudawa ta ƙaru, mai maganin ya ce ai dattin ne ke fita.

A ƙarshen Disamba ya zo gidana bayan magariba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, yana tambayar yara, kafin ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni fa jini nake gani." Na ce masa atini ne, na rubuta masa metironidazol na kwana 7 ba tare da an gwada bayan gida ba. Ya ce ya ɗan ji sauƙi, bayan kwana goma abin ya dawo. A kemis ɗin bakin makaranta aka sake ba shi wannan maganin har sau biyu. A Janairu wani ɗakin gwaji ya yi masa gwajin taifod na jini, aka ce akwai, aka ɗora shi a kan sifurofuloksasin. Ana cikin haka gwiwarsa ta dama ta kumbura, ya soma shan diklofenak safe da yamma, shi a tunaninsa buguwa ce ta ƙwallo.

Zuwa Fabrairu yana zagayawa sau 6 a rana, sau 2 daga ciki cikin dare, barci na tsakiya sai ciki ya tashe shi. Ga wata matsuwa da ba ta ba shi ko minti biyu, ga nishi: ya tsuguna ya yi ta yunƙuri, ba abin da ke fita sai jini da majina cikin cokali guda, ya tashi yana jin bai gama ba. Ɗakinsu na hawa na biyu, ban ɗakin da ke da ruwa yana ƙasa, da safe kuwa layi ake bi. Ya daina zuwa lakcar ƙarfe takwas. Ya daina karyawa idan yana da darasi, don ya lura da zarar ya ci abu ciki ke motsawa. Wata rana a babban ɗakin lakca bai kai ƙofa ba. Ya ɗaura rigar sanyinsa a ƙugu ya koma ɗaki, ya yi kwana huɗu bai fito ba. Wannan labarin sai bayan shekara guda ya ba ni shi.

Maris zuwa Afrilu 2023: kwanciya asibiti

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, shi ma ya ɗauka. A kwana na goma sha biyu jiri ya kwashe shi a masallaci, abokansa suka kira ni. Abin da aka auna a ranar: bayan gida mai jini sau 9 cikin awa 24, bugun zuciya 104 a minti, zafin jiki 38.1, ƙarfin jini, wato himogulobin, 9.2, gwajin saukar jini da ke nuna kumburi 48, nauyi kilo 52. Aka yi masa ƙarin ruwa, washegari aka tura mu wani asibitin koyarwa a Kano inda akwai likitan hanji.

Likitan bai yi gaggawar ba da magani ba, sai da ya rufe wasu ƙofofi tukuna. Aka duba bayan gida sau uku ana neman amiba da ƙwan tsutsar tsargiya ta hanji, aka shuka shi don neman ƙwayoyin atini, aka ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, aka gwada cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. Dalilin wannan tsari a ƙasarmu mai ƙarfi ne. Maganin da ake shirin ba shi danne garkuwar jiki yake yi, idan kuwa amiba ce ke cin hanjin ko tarin fuka, danne garkuwa tamkar zuba wa wuta fetur ne. Duk gwajin ya fito babu komai.

Sai aka zura siririyar na'ura mai fitila ta dubura aka leƙa ƙarshen babban hanji kawai, don a irin wannan hali ba a cika hanji da iska a bi shi har ƙarshe, yana iya hujewa. Na tsaya a bayan likitan ina kallon allon. Lafiyayyen hanji fatarsa sumul take, ana hango jijiyoyin jini kamar saiwar ciyawa. Nasa ja wur, kamar an goge shi da yashi, ko'ina na'urar ta taɓa sai jini ya tsattsafo, kuma tun daga bakin dubura ciwon ya miƙe sama babu tsallake. Aka tsinko ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna tsohon kumburi ne wanda ya tsaya a fatar ciki ta hanji.

Sunan cutar alsaretib kolaitis, ɗaya daga cikin manyan cututtukan kumburin hanji guda biyu. Ɗayar ita ce cutar Crohn, wadda ke iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana tsallake wuri ta kama wani, tana kuma cin bangon hanji har ciki. Irin ta yaron nan babban hanji kaɗai take kamawa. Garkuwar jikin mutum ce ke afka wa fatar hanjinsa, ba ƙwayar cuta ba, shi ya sa ba a ɗaukarta a wurin wani, shi ya sa kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta bai warkar da ita ba. Tana lafawa tana tashi, kuma ta fi somawa a tsakanin samari da 'yan mata. Kumburin gwiwar ma daga gare ta ne, domin takan taɓa gaɓoɓi da ido da fata.

Akwai ma'aunin da likitoci biyu, Truelove da Witts, suka fitar tun 1955, har yau da shi ake aiki. Idan bayan gida mai jini ya kai 6 a rana, sannan aka sami ko da ɗaya daga cikin huɗu, bugun zuciya sama da 90, zafi sama da 37.8, himogulobin ƙasa da 10.5, ko saukar jini sama da 30, to tashin mai tsanani ne, gado ya kama mutum. Yaron ya cika duka huɗun. Aka soma yi masa allurar haidurokotizon ta jijiya, miligiram 100 sau huɗu a rana, da allurar hana daskarewar jini. Wannan ta biyun ta ɗaga wa mahaifiyarsa hankali, ta ce yaro na zubar da jini a ƙara masa abin tsinka jini? Likitan ya yi mata bayani cewa mai wannan ciwo idan ya tashi jininsa kan daskare a jijiyar ƙafa ko huhu. Aka hana diklofenak da danginsa irin su ibufurofen, aka kuma hana loferamid mai tsayar da gudawa, saboda a irin wannan tashi yana iya sa hanji ya buɗe ya daina motsi.

A kwana na uku ake duba ko allurar ta karɓa. An gaya mana tun farko cewa idan ba ta karɓa ba sai magani mafi ƙarfi ko tiyatar cire hanjin. Bayan gida ya sauko zuwa 4, zazzaɓi ya tafi. A kwana na takwas aka sallame mu, saura kwana kaɗan Sallah.

Mayu zuwa Satumba 2023: sauƙi na farko

An sallame shi da firedinisolon miligiram 40 a rana, ana rage 5 duk mako har ya ƙare cikin mako takwas. Sai ƙwayar mesalazin giram 2.4 a rana, da maganin ƙarin jini, da kuma mesalazin na matsi giram 1 da ake cusawa ta dubura da dare. Aikin magungunan ya bambanta, kuma a nan ne duk rikicin baya ya samo asali. Firedinisolon kashe gobara yake yi, ba a zama a kansa, don yana cin ƙashi, yana ɗaga sukari da hawan jini, kuma ba ya hana ciwon dawowa. Mesalazin shi ne mai gadi, a kan fatar hanji yake aiki, kullum ake shan sa ko da mutum garau yake.

A Yuli aka yi masa cikakken kolonoskofi, wato leƙa babban hanji har ƙarshe da na'urar nan mai fitila, aka ga ciwon ya tsaya a ɓangaren hagu na babban hanji, sauran lafiya lau. Nauyi ya koma kilo 58, himogulobin 12.4. Jini ya tsaya, amma matsuwar safe da nishi ba su tafi ba. Sai da na je ɗakinsa na buɗe akwatinsa neman caja na tarar da kwalayen maganin matsi uku ko ɓarewa ba a yi ba. Na ce, "Kai, wannan fa?" Ya ce, "Kawu, mu shida ne a ɗakin nan. A ina zan yi? Kuma ni namiji..." Bai ƙarasa ba. Na yi faɗa, ya ce to, na san kuma ba yi zai yi ba.

A gida kuwa yayata ta kafa tata dokar. Ta hana shi nama, mai, wake, ƙwai, nono, yaji, tumatir, kusan komai ban da kunu da farar shinkafa. Yaro mai neman mayar da jini da tsoka aka bar shi da abinci marar gina jiki, idan ya dawo makaranta sai ya rama da duk abin da ya samu.

Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: ajiye magani

A Oktoba kuɗin mesalazin na wata guda ya fi abin da ake aiko masa na abinci, kuma sai an aika Kano ake samu. Shi kuma yana jin kansa lafiya. Wani dattijo a unguwarsu ya ce masa ciwon da ya warke ba a ci gaba da yi masa magani, kada jiki ya saba. Ya rage zuwa rabi, a Nuwamba ya ajiye gaba ɗaya, bai faɗa wa kowa ba. Mako bakwai ba abin da ya faru, wanda ya ƙara tabbatar masa ya warke.

Makon farko na Janairu, saura kwana goma jarrabawa, majina ta dawo, jini ya biyo baya, bayan gida ya kai 5. Ya tuna ƙwayar da ta tashe shi a Kano, ya je kemis ya sayi firedinisolon, ga shi da araha. Yakan sha 30 idan yana da jarrabawa washegari, ya bari idan babu, ya koma 40 idan jini ya yi yawa. Fuskarsa ta cika ta yi zagaye, ƙuraje suka feso, barci ya ƙaurace, ya zama mai saurin fushi. 'Yan ajinsu na yi masa barka da ƙiba. A jarrabawa ɗaya ya nemi fita sau uku, mai sa ido ya zargi satar amsa ya ce idan ya sake fita kada ya dawo. Ya ajiye takarda da rabin amsa ya fita. Kwas biyu ya faɗi a wannan zango. Fuskar ce ta tona shi ranar da ya zo gaishe ni.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: sabon tsari

Muka koma Kano. Bayan gida 5 a rana, bugun zuciya 84, babu zazzaɓi, himogulobin 10.9, wato tashi matsakaici, ba na kwanciya ba. Aka sake gwada bayan gida, don mai wannan ciwo ma yana iya kamuwa da atini na gaske. Likitan bai yi faɗa ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa za ku iya saye duk wata ba fashi?" Daga amsarmu ya gina tsarin.

Ya mayar da shi kan salfasalazin, tsohon magani mai sauƙin kuɗi wanda ake samu a Katsina. Idan ya isa babban hanji ƙwayoyin da ke zaune a can suke raba shi biyu, mesalazin ɗin ya fito daidai inda ake bukatarsa. Ɗaya rabin, na dangin salfa, shi ke kawo illa, don haka sai da aka gwada ko yana da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a maza a ƙasar nan kuma yake sa irin wannan magani ya farfasa jini. Ba shi da shi. Aka fara da miligiram 500, ana ƙarawa a hankali saboda ciwon kai da tashin zuciya, har giram 4 a rana, daga baya aka sauko zuwa giram 2 na zama. Aka haɗa masa da folik asid, da gwajin jini da hanta da ƙoda lokaci-lokaci. An gaya masa fitsarinsa zai yi ruwan lemo, kada ya tsorata. An kuma gaya masa, bayan an ce in ɗan fita, cewa maganin na rage ƙwayoyin haihuwa na namiji muddin ana shan sa, abin yana komawa daidai bayan wata biyu zuwa uku da dainawa, idan aure ya taso sai a canza. Firedinisolon ba a tsayar da shi kwatsam ba, an tsara ragewa daki-daki, domin jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwa idan aka yanke rana ɗaya. An yi maganar azatiyofirin, maganin da ake ƙarawa idan mutum ya nemi firedinisolon sau biyu cikin shekara, amma likitan ya jinkirta, ya ce wannan tashin ajiye magani ne ya kawo shi, ba gazawar magani ba.

Maganar matsi kuwa da zane ya yi masa ita. Ya zana hanji a bayan kati, ya nuna masa cewa ƙwayar da aka haɗiya kafin ta iso ƙarshen hanya ta yi rauni, kuma wannan ɗan taƙin na ƙarshe, inda nishi da matsuwa suke fitowa, shi ne ya fi ƙarancin samun magani. Na matsi kai tsaye yake zuwa wurin. Yaron ya kalli zanen ya ce, "Ashe ba a banza ba." Mako biyu da fara sa shi kowane dare nishin ya tafi, abin da wata tara bai yi ba. Daga baya aka mayar da shi sau uku a mako.

Sauran gyaran ba na asibiti ba ne. Da takardar likita muka je ofishin kula da ɗalibai, aka sauko da shi ɗakin ƙasa kusa da ban ɗaki. Jami'in jarrabawa na sashensu ya amince a zaunar da shi bakin ƙofa, idan zai fita a haɗa shi da mai rakiya. Ya faɗa wa abokin ɗakinsa guda ɗaya gaskiyar ciwon, shi ne mai karɓar masa darasi idan ya makara. Ya soma karyawa tun bayan sallar asuba, don ciki ya gama hidimarsa kafin ƙarfe takwas. A jakarsa kullum akwai wando, leda, sabulu da gorar ruwa. Ya kuma sayi littafi mai shafi arba'in yana rubuta abu huɗu kowace rana: sau nawa, da jini ko babu, ya tashi cikin dare ko a'a, ya sha magani ko ya manta. Ƙa'idar da aka ba shi ita ce jini kwana uku a jere ko tashin dare, ya kira. Sau 6 da jini tare da zazzaɓi ko bugun zuciya, ya taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Littafin ne ya warware rigimar abinci. Ya riƙa mayar da abu ɗaya-ɗaya yana dubawa. Nama, ƙwai, kifi da tuwo da miyar kuka ba su taɓa shi ba. Yajin tsire da madarar ruwa suna sa shi gudawa marar jini, kindirmo kuwa lafiya lau. Wake da zogale da rama sai idan ciki na kwance. Da ya nuna wa mahaifiyarsa shafin, ta sassauta.

Azumin 2024, wanda aka ɗauka 11 ga Maris, ya same shi yana tsakiyar jinya. Likita ya ce kada ya yi, malaminsa na unguwa ya ce marar lafiya ramawa yake yi. Ya sha azumin gaba ɗaya, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, yana ɓuya ya ci abinci. Ya rama cikin sanyin ƙarshen shekara.

Halin da ake ciki: Maris zuwa Yuni 2025

Azumin 2025 ya yi shi cikakke, ƙwaya a sahur da buɗa-baki, matsi bayan asham. A Yuni nauyinsa kilo 62, himogulobin 13.6, bayan gida 1 zuwa 2 a rana, babu jini. Cikin wata goma sha huɗu sau ɗaya ya ga jini, a Satumba 2024, bayan ya yi kwana biyar a Daura ya manta magani a makaranta. Ya kira a kwana na uku, aka mayar da matsi kullum na mako huɗu, ya lafa ba tare da firedinisolon ba. Ya cinye kwasa-kwasan da ya faɗi, amma zai gama bayan 'yan ajinsu da zango ɗaya. Ciwon yana nan. An rubuta masa a kati cewa daga shekara takwas da somawar ciwon, wato wajen 2030, za a fara leƙa hanjin a kai a kai, saboda daɗewar kumburi na ƙara haɗarin sankarar hanji.

Abin da na gani a ciki

Jinkirin wata biyar na farko da hannuna a ciki. Ba da metironidazol sau ɗaya a garin da atini ya yi yawa ba abin mamaki ba ne, amma ban sa an gwada ba, ban kuma ce ya dawo in gani ba. Atinin ƙwayar cuta kan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Basir kuma jini ne ja a kan bayan gida mai tauri ko bayan an gama, ba ya tashin mutum cikin dare, ba ya zubar da kilo tara. Gudawa mai jini da ta haura mako huɗu, ta ƙi magani, ga tashin dare da rama, tun a Janairu ta isa a leƙa hanji. Diklofenak ɗin ma ina zargin ya taimaka wurin kai shi gado.

Faɗuwa ta biyu ta fi koya mini abu. An ba shi magani daidai a Afrilu 2023, amma an ba shi wanda aljihunsa ba zai ɗauka ba, da wanda ɗakin mutum shida ba zai bari ya sa ba, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya bambance masa mai kashe gobara da mai gadi. Ni da na ga kwalayen a akwati faɗa na yi, ban tambayi inda zai sa ba. Salfasalazin bai fi mesalazin ƙarfi ba, illarsa ma ta fi yawa. Ya yi aiki ne don ana iya sayensa duk wata a Katsina. Kuma ba kowa ne wannan mataki ke riƙewa ba, akwai waɗanda duk da kiyaye magani sai an kai ga azatiyofirin, ko allurai masu tsada, ko tiyata. Shi ma likitansa ya ce idan ya sake tashi alhali yana shan magani yadda ya kamata, azatiyofirin za a fara. An ba shi ranar komawa ganin likita cikin Disamba 2025, kuma an ce ya zo da littafin.